Me ya sa bireka ba ta faɗuwa sai an haɗa butar lantarki da dutsen guga?

A gidaje da yawa a nan Katsina, da zarar yara sun yi shewar an kawo wuta, kowa sai ya ruga ga abin da ya dame shi. Uwargida ta jona butar lantarki don ruwan shayi, wata ta ɗauko dutsen guga ta fara goge kayan makaranta, fankoki suna juyawa. Ba a yi minti biyu ba sai a ji "ƙas" daga akwatin wuta, gefe guda na gidan ya yi ɗif, alhali fitilar maƙwabta tana nan tana ci. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, butar ita kaɗai tana tafasa ruwa lafiya lau, dutsen gugar ma shi kaɗai ana wuni ana aiki da shi. Sai an haɗa su ne rigima take tashi. To, laifin wa ke nan: butar, dutsen gugar, birekar, ko masu ba da wuta?

Na sha jin wannan gardama a majalisa, kuma amsar da ta fi yawa a bakin mutane ita ce wadda ta fi ba ni tsoro: "Birekar ce ta yi ƙarama, a sa babba." Shi ya sa na ga ya kamata a warware zancen daki-daki, da misalin abin da na gani da idona a gidan yayata da ke wajen Ƙofar Ƙaura.

Abin da bireka take gadi

Yawancinmu muna ɗauka an sa bireka ne don ta kare talabijin da firji. Ainihin aikinta shi ne kare wayar da ke binne cikin bango. Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana ɗumi, kuma kowace waya tana da iyakar abin da za ta ɗauka kafin robar da ta lulluɓe ta ta fara laushi. Bireka tana zaune a bakin layin tana auna yawan wutar da ke wucewa, idan ya zarce abin da aka rubuta mata na tsawon lokaci, sai ta yanke kafin wayar ta lalace.

Ana auna yawan wutar da ke gudana a waya da amfiya. Idan ka buɗe murfin akwatin wutar gidanka, ba tare da ka taɓa komai a ciki ba, za ka ga rubutu a fuskar kowace bireka, irin su `C10`, `C16`, `C20` ko `C32`. Lambar ita ce amfiyar da birekar za ta ɗauka ta wuni ba ta faɗi ba. Abin lura a nan shi ne, bireka ɗaya ba soket ɗaya take kula da shi ba. Layi ɗaya kan fita daga cikinta ya bi ɗakuna biyu ko uku, kuma duk abin da aka jona a kan layin, a kowane ɗaki yake, nauyinsa a wuri ɗaya yake taruwa. Bireka ba ta san buta ba, ba ta san dutsen guga ba, jimilla kawai take gani.

Lissafin da kowa zai iya yi

A ƙarƙashin buta, ko a gindin dutsen guga, akwai ɗan rubutu da ke nuna ƙarfin abin da wat, misali `2200W`. Wutar gida a Najeriya an tsara ta a kan bolt 230. Idan ka raba wat da bolt, sai ka samu amfiyar da abin yake ja:

```
I = P ÷ V
2200 ÷ 230 = 9.6
```

Butar yayata mai wat 2200 ce, don haka tana jan amfiya 9.6. Dutsen gugarta sabo ne, irin mai fitar da tururi, wat 2000, wato amfiya 8.7. Domin a ga girman waɗannan lambobi, fankar sama ɗaya ba ta wuce wat 75 ba, kusan sulusin amfiya ɗaya ke nan. Buta guda tana jan abin da fankoki kusan talatin za su ja. Duk kayan da aikinsu samar da zafi ne haka suke, da hita da rishon lantarki da tukunyar dafa shinkafa. Ƙanana ne a ido, ba su da ƙara, shi ya sa ake raina su, a riƙa zargin firji don shi ne babba.

A gidan nata, da mai gyaran wuta ya zo, abin da ya fara yi shi ne sauke birekar da ke faɗuwa da hannunsa, ya ce mu zagaya mu gaya masa abin da ya mutu. Sai ga shi fankoki uku sun tsaya, ƙwayayen fitila na ɓangaren sun mutu, talabijin ɗin falo ya mutu, soket ɗin ɗakin yara inda ake guga ya mutu, soket ɗin kicin ma ya mutu. Birekar kuwa `C10` ce. Ashe kicin ɗin daga baya aka gina shi, wanda ya yi wayarin a lokacin ya ga layin fitilu ya fi kusa, sai ya jawo soket daga jikinsa.

Fankokin da fitilun da talabijin gaba ɗaya suna jan kamar amfiya ɗaya da rabi. Idan aka kunna dutsen guga shi kaɗai, jimilla ta zama 10.2, wato daidai bakin iyaka. Idan buta ce ita kaɗai, jimilla 11.1, ta ɗan haura goma. Idan aka haɗa su, 9.6 da 8.7 da 1.5 sun ba da 19.8, kusan ninki biyu na abin da aka yi birekar domin shi.

Me ya sa ba ta faɗuwa nan take?

Mai karatu zai iya tambaya: ai buta kaɗai ma ta kai jimillar 11.1, ta wuce goma, me ya hana birekar faɗuwa? Nan ne zancen yake da daɗi, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa.

A cikin ɗan wannan akwatin roba akwai masu gadi biyu. Na farko maganaɗisu ne, aikinsa kama gagarumin haɗari, kamar idan waya mai wuta ta taɓa 'yar'uwarta kai tsaye. A bireka mai harafin `C`, ba ya motsawa sai wuta ta kai ninki biyar zuwa goma na lambar da ke jikinta, a mai harafin `B` kuma ninki uku zuwa biyar. Idan ya motsa, kafin ƙiftawar ido ya yanke. Buta da dutsen guga ba su kai nan ba, don haka babu ruwansa da su.

Na biyun shi ne namu. Wani siririn falle ne da aka manna ƙarafa biyu daban-daban baya da baya. Wutar layin tana ɗumama shi, kuma da yake ƙarfe ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa idan ya ji zafi, sai fallen ya riƙa lanƙwasa a hankali, har ya kai inda zai ture kunamar da ke riƙe da makunnin. Zafi yana buƙatar lokaci kafin ya taru. Ƙa'idar da ake ƙera waɗannan bireka a kanta ta ce, idan wuta ta haura lambar da kashi 13 cikin ɗari kawai, dole birekar ta riƙe har awa guda ba ta faɗi ba. Idan ta haura da kashi 45 cikin ɗari, dole ta faɗi kafin awa ta cika. Idan kuwa ta kai ninki biyu da rabi da 'yan kai, bireka irin ta gida ba za ta wuce minti ɗaya ba.

Yanzu a ɗora lissafin gidan yayata a kan wannan. Buta kaɗai da fankoki, 11.1, haurin kashi 11 cikin ɗari ne, yana cikin abin da birekar za ta jure. Ban da haka, buta ba ta daɗewa. Ruwa lita 1.7, daga yadda yake a randa har ya tafasa, minti huɗu ne ko ɗoriya kaɗan a buta mai wat 2200, sannan ta kashe kanta. Dutsen guga kuma ba ya jan wuta a jere. Ka lura da 'yar fitilar da ke jikinsa, takan kama ta mutu, ta kama ta mutu. Idan ta kama yana jan cikakken ƙarfinsa, idan ta mutu ba ya jan komai, fallen cikin bireka yana samun sararin hucewa. Kowannensu shi kaɗai yana tafiya a bakin rami ne bai faɗa ba.

Da an haɗa su, sai lissafin zafi ya canza, domin zafin da wuta ke haifarwa ba daidai da yawanta yake ƙaruwa ba. Idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Fallen da zai iya wuni da amfiya goma, amfiya ashirin tana lanƙwasa shi cikin minti ɗaya ko biyu, tun kafin ruwan shayi ya fara kuka. Kuma an fi samun haka da safe, lokacin da dutsen gugar yake da sanyi, yana jan wuta ba hutu don ya kai zafinsa na farko.

Wannan ya bayyana wani abu da yayata ta riƙa nanatawa. Ta ce wa mai gyaran, "Malam, shekara uku ina haɗa su ba abin da ya faru, sai da na sayi wannan dutsen." Ya ce, "Hajiya, ina tsohon?" Aka ɗauko shi daga saman kwaba, na da ne marar tururi, a gindinsa an rubuta `1000W`. Amfiya 4.3 ke nan. Da buta da fankoki jimillarsu 15.4, ta haura iyaka ƙwarai, amma a wannan mataki bireka takan ɗauki mintoci kafin ta faɗi, butar kuma takan gama cikin minti huɗu, dutsen yana kamawa yana saki. Shekara uku ana tsallake rijiya da baya, wayar tana shan zafin da bai kamata ba, ba wanda ya sani.

Masu cewa wuta ce ta yi ƙarfi

Akwai waɗanda ke ɗora laifin a kan masu ba da wuta, su ce duk ranar da aka kawo ta da ƙarfi ne birekar ke faɗuwa. Abin da suka lura da shi gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. A unguwanni da yawa wutar takan zo da rauni, ka ga mitar sitabilaiza tana nuna 180. Buta da dutsen guga, idan bolt ya ragu, amfiyar da suke ja ma raguwa take yi. A bolt 180 butar nan za ta ja kamar 7.5, dutsen kuma 6.8, ruwan ya daɗe bai tafasa ba, birekar ta yi jinkirin faɗuwa ko ma ta tsira. Ranar da wuta ta zo cikakkiya, 230, sai kowanne ya ja haƙƙinsa. Wato wutar ba ta wuce ƙa'ida ba, ta zo ne yadda ya kamata ta zo, sai ta tona asirin layin.

Yanayi ma yana da hannu. Ana saita fallen bireka ne a ɗumin digiri 30. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Katsina ke kai digiri 40, akwatin wutar da ke jikin bangon da rana ke duka ya riga ya ɗauki zafi tun kafin a kunna komai, don haka fallen ya fara tafiyarsa daga rabin hanya. Da sanyin hunturu kuma sai ya ƙara haƙuri. Shi ya sa gida ɗaya, kaya ɗaya, a yi lafiya a Janairu, a shiga rigima da bazara.

Yadda za ka gane wace irin faɗuwa ce

Ba kowace faɗuwar bireka ce nauyi ya jawo ta ba, kuma lokaci shi ne babban shaida. Idan sai an ɗan jima da haɗa kayan biyu take faɗuwa, kuma idan ka je ɗaga ta nan take ta ƙi tsayawa sai ta huce na ɗan lokaci, fuskarta da ɗumi, to nauyi ne. Idan kuwa da jona abu ɗaya take faɗuwa a take, wani lokaci da tartsatsi ko ƙarar fashewa a fulogi, wannan haɗuwar waya ce. A dutsen guga an fi samun ta inda igiyar ta shiga jikinsa, saboda yawan murɗawa. Irin wannan kada a sake jona shi sai an gyara.

Wasu gidajen suna da wata na'ura mai faɗi a farkon jerin, da ɗan maɓalli mai alamar `T` ko `TEST`, an rubuta `30mA` a fuskarta. Ita ba nauyi take aunawa ba, yoyon wuta take kamawa, wato wutar da ta kauce hanya ta bi jikin ƙarfe ko jikin mutum. Buta mai jiƙaƙƙen gindi da dutsen guga mai tururi kowanne yana iya yin ɗan yoyon da bai kai ya kayar da ita ba, idan aka haɗa sai ya kai. Idan ita ce ke faɗuwa, raba layi ba zai magance ba, kayan ne za a auna.

Akwai kuma sakakken kusa. Idan kusar da ke riƙe da waya a bakin bireka ba ta ɗaure da kyau ba, wurin yakan yi zafi, zafin ya shiga fallen, ta riƙa faɗuwa a nauyin da bai kai ba. Alamarsa robar wurin ta yi ruwan ƙasa, ko ana jin ƙauri. Mai gyara na gaske yakan maƙala wa wayar mitarsa mai baki kamar ƙaguwa, ya sa a kunna kayan ɗaya bayan ɗaya, ya karanta amfiyar da idonsa kafin ya yanke hukunci.

"A sa babba": shawarar da ke ƙona gida

Kafin a kira mai gyaran, wani maƙwabci ya riga ya ba yayata shawara ta sayo `C32` a maye gurbin `C10`, ya ce shi ma haka ya yi kuma tun daga ranar bai sake jin ɗuriyarta ba. Na yarda bai sake ji ba, kuma abin da ke tayar min da hankali ke nan.

Da aka kwance soket ɗin kicin, wayar da ke bayansa mai milimita 1.5 ce, wadda ake yi wa fitilu da fankoki. Irin wannan waya, a cikin bututu a bango, abin da za ta ɗauka lafiya bai wuce amfiya 14 zuwa 17 ba, ya danganta da yadda aka binne ta, kuma a zafin garinmu ya fi kusa da na ƙasa. Amfiya ashirin ta riga ta fi ƙarfinta. Da an sa bireka mai 32, za ta ga ashirin ta yi shiru, don a wurinta ba a kai ko'ina ba. Wayar ce za ta riƙa gasuwa kowace safiya. Robar ba ta kama wuta a rana ɗaya, takan bushe ne, ta yi tauri, ta tsattsage, musamman a mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif a saman silin, inda akwai katako da ƙura. Mai gyaran ya nuna mana bakin wayar, robar ta riga ta sauya launi, da ya lanƙwasa ta da yatsa sai ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Yayata ta dafe ƙirji tana salati, domin ɗakin yara ne a ƙarƙashin wannan layin.

Girman bireka daga kaurin waya ake ɗauko shi, ba daga yawan kayan da mai gida yake son jonawa ba. Kuma a kasuwa akwai wayar da aka rubuta wa 2.5 amma cikinta bai kai ba, akwai wadda alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Idan aka kankare bakinta da wuƙa aka ga fari a ciki, ba za ta ɗauki abin da ta jan ƙarfe zalla za ta ɗauka ba.

Haka zancen yake ga igiyar ƙari mai baki uku ko huɗu da muke kira istenshan. Fulogi mai ƙafa uku irin namu iyakarsa amfiya 13, fiyus ɗin da ke cikinsa ma haka. Buta da dutsen guga a istenshan ɗaya amfiya 18.3 ne ta fulogi guda. Ko fiyus ɗin na gaske ne ba lallai ya ƙone da wuri ba, idan kuwa an taɓa maye gurbinsa da zaren waya ko takardar sigari, igiyar ce za ta narke, bireka mai 20 a bango tana kallo ba ta ga laifi ba.

Abin da aka yi a gidan

A ranar, maganin da ba ya cin ko kwabo shi aka fara yi. Mai gyaran ya sake sauke birekar, aka nemo soket ɗin da bai mutu ba, aka same shi a ɗakin maigida, a kan wani layin mai `C20` da waya mai kauri. Aka mayar da teburin guga can. Wanda ba shi da wani layin, sai ya jera aikin: a bar buta ta gama minti huɗunta, sannan a jona dutse. Na san da wuya a gidan da wuta ba ta daɗewa kuma kowa yana sauri, amma minti huɗu ne.

Bayan mako biyu aka yi gyaran dindindin. Aka cire soket ɗin kicin da na ɗakin yara daga layin fitilu, aka yanke guntun wayar da ta gasu, aka jawo sabon layi tun daga akwatin wuta da waya mai milimita 2.5 ta jan ƙarfe, har da wayar ƙasa, aka ba shi birekarsa mai 20. A wannan layin buta da dutsen guga tare suna jan 18.3, ƙasa da iyaka, wayar kuma tana da ƙarfin ɗauka. Mai gyaran ya ja mata kunne cewa saura amfiya ɗaya da 'yan kai ne kawai, idan ta ƙara hitar ruwan wanka ko rishon lantarki a lokaci guda za a koma gidan jiya, waɗannan sai an yi musu nasu layin. Tsohuwar `C10` ɗin da aka so a jefar, da ya auna ta bai same ta da wani aibu ba, ya bar ta a mazauninta tana riƙe da fitilu da fankoki, ya rubuta "fitilu" da biro a ɗan farin salatif ya manna a ƙarƙashinta.